Yadda ake mayar da takardar sallamar asibiti umarni kaɗan da mai jinya za ta iya bi a gida

Ranar sallama ita ce ranar da ta fi kowace rana hayaniya a zaman asibiti. Ana naɗe tabarma, ana haɗa kwanuka da fulas, wani ya tafi biyan sauran kuɗi, wani yana waje yana ciniki da mai mota, kuma a tsakiyar wannan kai-komo ne ake miƙa wa iyalin mara lafiya takarda ɗaya da ledar magunguna. Takardar da Turanci take, rabinta kuma gajerun alamomi ne irin na likitoci, domin tun asali likita ya rubuta ta ne saboda likitan da zai ga mara lafiyar nan gaba. Wadda za ta riƙa ba da magani, ta dafa abinci, ta kwana kusa da gadon, ba a yi rubutun da ita a rai ba. Na shafe shekaru ina aikin jinya a ɗakin mata, kuma abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne ganin matar da muka sallama da sauƙi ta dawo bayan kwana goma numfashi na neman gagararta, alhali mutanenta sun yi iya ƙoƙarinsu, abin da aka gaya musu ne bai shiga ba, ko kuma ya shiga a karkace.

Aikin da nake son yi wa fashin baƙi shi ne yadda ake zama da wannan takarda a fitar da umarni biyar ko shida daga cikinta, waɗanda uwa ko goggo ko miji za su iya riƙewa. Fassara takardar layi bayan layi ba ta wadatarwa, domin ko an mayar da ita Hausa tsarinta na likita ne: ta fara da sunan ciwo, ta bi da abin da aka gani a gwaji, ta ƙare da jerin magunguna. Mai jinya kuwa da lokaci take tunani. Tambayoyinta su ne me za ta ba da da safe, me za ta sa a tukunya, me za ta gani ta san jiki ya rikice, kuma yaushe za a koma. Saboda haka sai an warware takardar gaba ɗaya an sake ƙulla ta a kan waɗannan tambayoyi.

Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda na haɗa daga irin takardun da suka saba biyowa ta hannuna. Mai jego ce 'yar shekara ashirin da shida, ta haihu da mako biyar, aka kawo ta da kumburin ƙafa da haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine. An gano zuciyarta ta yi rauni, irin raunin da kan zo a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Ciwo ne da asibitocin Arewa suka sani sarai, tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubuce-rubuce a kansa. Ta yi kwana tara a gado, ruwan jikinta ya sauka, aka sallame ta ranar Talata zuwa gidan iyayenta inda take wankan jego. Ƙarshen takardarta ga yadda yake:

```
Dx: PPCM, EF 30%
Tab furosemide 40mg bd x 2/52
Tab enalapril 2.5mg bd x 2/52
Tab carvedilol 3.125mg bd x 2/52
Tab spironolactone 25mg od x 2/52
Stop nifedipine. Avoid NSAIDs.
Low salt diet. Fluids 2L/day. Daily wt (D/C wt 54kg)
E/U/Cr 1/52. Cardiology clinic 2/52. FP counselling.
```

Kafin a taɓa biro, sai an san wa ake rubuta wa. A wannan gida mijin ne ya karɓi takardar, shi ne kuma mai karatun boko, amma ba a gidan zai kwana ba. Mahaifiyar mai jegon ce ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunu, ita za ta miƙa ƙwayoyi, kuma karatunta na allo ne. Idan aka yi wa mijin bayani a baranda aka bar uwar tana ɗaure kaya, to an yi wa wanda ba zai aiwatar ba bayani. Don haka uwar ake zaunarwa, da mai jegon kanta, domin jikinta ne kuma ita za ta fara jin duk wani sauyi, sannan mijin ya zauna a matsayin wanda zai karanta musu takardar idan sun manta.

Ma'aunin da nake tace kowane layi da shi tambaya ɗaya ce: idan mutanen gida ba su san wannan ba, me zai faru a cikin mako biyun da ke tafe? Layin farko ya faɗi sunan ciwon da kuma sakamakon hoton zuciya, wato a kowace bugawa zuciyar tana tura kashi 30 cikin ɗari na jinin da ke cikin babban ɗakinta, alhali lafiyayyar zuciya takan tura fiye da rabi. Wannan adadi yana da nauyi wurin likita, da shi zai gwada hoton da za a sake nan gaba, amma babu wani aiki da zai sa uwar ta yi ko ta bari. Abin da take buƙata daga wannan layi jimla ɗaya ce: zuciyar 'yarki ta yi rauni, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu, kuma magungunan nan su ke rage mata nauyi. Wannan jimla kam ba a barin ta, domin wanda bai san dalilin magani ba yakan ajiye shi da zarar kumburi ya sace.

Magunguna su ne inda ya kamata a daɗe, domin a nan kuskure ya fi yawa kuma ya fi tsada. Alamar `od` tana nufin sau ɗaya a rana, `bd` sau biyu, `tds` sau uku, `nocte` da dare, `prn` kuma idan buƙata ta taso. Mai saurin taƙaitawa zai ga `bd` sau uku a takardar nan ya rubuta "safe da dare" a gaban duka ukun, kuma a nan zai yi kuskurensa na farko. Furosemide maganin fitar da ruwa ne ta hanyar fitsari, yakan fara aiki cikin kamar awa ɗaya ya ci gaba har kusan awa shida. Idan aka ba da na biyu bayan Isha'i, mai jegon za ta kwana tana zirga-zirga zuwa bayan gida a cikin duhu, ga jiri ga jariri, kuma ba za a yi kwana uku ba ta ƙi shan sa. Shi ya sa aka saba ba da na biyun da rana, wajen ƙarfe biyu. Enalapril da carvedilol kuwa ana son tazarar kusan awa goma sha biyu tsakanin shan farko da na biyu, kuma carvedilol tare da abinci ake shan sa domin jirin da yake sawa ya ragu. Ke nan alama ɗaya ce a takarda, amma lokuta biyu daban take nufi a gida. Wannan ba abu ne da mai taƙaitawa zai yanke shi kaɗai ba, sai ya tabbatar daga likita ko mai ba da magani kafin a bar asibiti.

Da an tabbatar, sai a daina jera magunguna ɗaya bayan ɗaya, a jera lokutan yini. A gidajenmu agogon da ba ya kuskure shi ne salla da abinci, don haka a kansu nake ɗaura magani: lokacin karin kumallo, bayan Azahar, da lokacin tuwon dare. Da safe ƙwayoyi iri huɗu ne, bayan Azahar iri ɗaya, da dare iri biyu. Uwar da ba za ta riƙe sunaye huɗu na Turanci ba za ta riƙe "huɗu, ɗaya, biyu" ba tare da wahala ba.

Sai abin da takarda ba ta iya nunawa, wato abin da ke cikin leda. Likita yana rubuta nauyin magani da miligiram, mai jinya kuwa ƙwaya take ƙirgawa, kuma ba kullum ƙwayar da aka samu ke dacewa da abin da aka rubuta ba. A misalinmu an rubuta carvedilol 3.125, amma da aka zazzage ledar a kan gado sai aka ga katin da mijin ya sayo na 6.25 ne, domin shi ake da shi a kantin. Idan aka rubuta wa uwar "ƙwaya ɗaya", an ninka maganin da ke rage bugun zuciya da hawan jini ga macen da zuciyarta ba ta daɗe da farfaɗowa ba, kuma abin da zai iya biyo baya shi ne jiri mai tsanani, ko suma, ko numfashi ya sake tsananta. Daidai shi ne rabin ƙwaya. Ba na barin wannan a baki kawai: nakan ɓallo ƙwaya ɗaya, in nuna tsagin da ke tsakiyarta, in karya ta a gaban uwar, sannan in ba ta wata ta karya da hannunta. Dokar da nake bi ita ce ba a rubuta takardar gida sai magungunan suna shimfiɗe a gaban mai rubutu, kowane kati an juya bayansa an karanta nauyin da ke jiki.

Launi da girman ƙwaya suna taimakawa, amma ba abin dogaro ba ne, domin yawancinsu farare ne ƙanana, kuma idan aka sake saye daga wani kamfani kamanni na iya sauyawa. Abin da ya fi shi ne a sa wa kowane magani lamba da babban rubutu a jikin kwalinsa ko ambulan ɗinsa, 1 zuwa 4 bisa jerinsu a takardar asibiti, a rubuta sunan a gefen lambar a takardar gida domin ranar sake saye. Sunan yana da wani amfanin kuma: magani ɗaya na iya zuwa da suna biyu. Lasix da furosemide abu ɗaya ne, kuma na sha ganin gidan da ke ba da duka biyun, ɗaya daga asibiti ɗaya daga kemis, suna zaton magunguna biyu ne.

Alamar `x 2/52` tana nufin na mako biyu, kamar yadda `5/7` ke nufin kwana biyar, `1/12` kuma wata ɗaya. Tarkon da ke nan ya fi na rabin ƙwaya ɓoyuwa. Idan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, kwana biyar na nufin a sha a gama a daina. A wannan takarda kuwa mako biyu na nufin an ba da abin da zai kai ta ranar ganin likita, a can za a sake rubutawa, sau da yawa ma a ƙara nauyin wasu sannu a hankali, kuma shan zai ɗauki watanni ko fiye. Mutumin da ya fassara alamar daidai da yadda take, ya rubuta "a sha na mako biyu", ya faɗi gaskiyar harafi amma ya gaya wa iyalin su daina magani. Carvedilol musamman ba a yanke shi farat ɗaya. Don haka a takardar gida jimlar takan zama: ba a daina ko ɗaya ko da ta ji garau, kuma idan ya rage na kwana uku a nemo wani.

Layin da ke cewa a daina nifedipine gajere ne, ido na iya tsallake shi, amma yana cikin waɗanda ba a yarda a bari. Maganin hawan jini ne da aka ba ta tun tana da ciki, saura na nan a gida a cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa, kuma a tunanin mutanen gida maganin asibiti ne shi ma, don haka za a haɗa da sababbin. Umarnin ba zai tsaya a "a daina" ba, sai a ce a tattara duk tsofaffin magungunan da ke gida a ɗaure a leda guda a zo da su ranar dawowa. Haka kalmar `NSAIDs` ba ta da ma'ana ga kowa a gidan, sai an kira su da sunayen da ake saye da su: ibuprofen, diclofenac, piroxicam, da ƙulle-ƙullen maganin ciwon jiki da ake haɗawa a kemis ba tare da an san abin da ke ciki ba. Waɗannan suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, kuma idan suka haɗu da magungunan da take sha suna iya taɓa ƙoda. Hani kaɗai ba ya isa ga mai jego da bayanta ke ciwo, dole a faɗi abin da aka yarda da shi, wanda a nan paracetamol ne, bayan an tambayi likita.

Batun gishiri shi ne inda sanin gida ya fi sanin Turanci amfani. Takarda ta ce a rage gishiri, uwar kuma za ta amsa da gaskiyarta cewa ita dama ba ta cika gishiri a miya ba. Amma gishirin da ke shiga cikin mai jego ba daga gwangwanin gishiri kaɗai yake fitowa ba. Yana cikin dunƙulen da ake jefawa uku ko huɗu a tukunya, yana cikin yajin jego da ake barbaɗawa a kan komai, yana cikin ƙullin ɗanɗanon taliyar leda, sannan uwa uba yana cikin kanwa. Ana kiran kanwa da sunan fotash a Turancin Najeriya, amma mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne, wato sinadarin nan na gishiri da ke janyo ruwa ya zauna a jiki. Kofin kunun kanwa safe da yamma na iya rushe aikin da furosemide ke yi. Likitan da ya rubuta takardar bai ambaci kunun kanwa ba, wataƙila ma bai san ana ba ta ba, saboda haka aikin mai taƙaitawa ne ya tambayi abin da ake ci a gidan, ya koma wurin likita da tambayar, ya dawo da amsa a cikin sunayen abincin da ake dafawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko lafiyayyen babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, amma ni ban cika sa wannan adadi a takardar gida ba, domin babu mai auna gishirin da ke cikin tukunyar mutum goma. Abin da ke aiki shi ne a ɗebi miyarta a ƙaramar tukunya kafin a sa gishiri da dunƙule, a ƙara mata ɗanɗano da albasa da citta da tafarnuwa.

A nan ake buƙatar ladabi, domin ana taɓa abin da uwar ta gada kuma ta yi wa 'ya'yanta da shi cikin ƙauna. Yadda nakan faɗa shi ne: "Inna, kunun nan ba aibata shi nake yi ba, amma zuciyarta a yanzu ba za ta iya ɗaukar kanwa ba. A dama mata na gyaɗa ko na tsamiya." Sau da yawa amsar takan zo da wata tambayar: "To 'yar nan, wankan fa?" Takarda ba ta ce komai a kan wankan jego ba, kuma bai halatta in ƙirƙiro hukunci in jingina wa likita ba. Abin da na sani shi ne ruwa mai tsananin zafi yana buɗe hanyoyin jini, kuma ga wadda ke shan magunguna masu sauke hawan jini hakan na iya kawo jiri ko faɗuwa. Sai in je in tambaya, in rubuta abin da aka ce, wanda a misalinmu shi ne ruwa mai ɗumi, a zaune, kuma da wani a kusa.

Lita biyu na ruwa a yini ana mayar da ita abin da ido ke gani: ledar ruwa ta rabin lita guda huɗu, kuma kunu da koko da shayi da romo duk suna cikin lissafin. Tunda tana shayarwa, kuma garin na iya yin zafi, wannan adadi ma sai an sake tabbatar da shi daga bakin likita.

Awon nauyi kullum yana da dalili mai sauƙi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma sikeli yakan ga ruwan da ke taruwa kafin ƙafa ta nuna. Ana hawa da safe bayan fitsari, kafin a ci komai, da kaya marasa nauyi, a kan sikeli ɗaya. Ƙa'idar da likitocin zuciya suka saba bayarwa ita ce ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana uku yana buƙatar a tuntuɓi asibiti. A takardar gida ba na rubuta ƙa'idar, lissafin nake yi musu: an sallame ta tana kilo 54, idan ta haura 56 a kira. Sai dai gidaje da yawa ba su da sikeli, kuma umarnin da ba za a iya bi ba daidai yake da babu. A irin wannan hali ana maye gurbinsa da abin da hannu da ido za su iya: a danna babban yatsa a kan ƙashin ƙauri sama da idon sawu na ɗan lokaci a ga ko ya bar rami, a lura ko takalmin da ke shiga jiya ya matse yau, a kuma ƙirga matasan kai da take buƙata kafin ta iya barci. Wadda ke kwana da filo ɗaya ta koma neman uku, ruwa ne ke komawa huhu.

Abin mamaki, sashen da ya fi ceton rai sau da yawa ba ya cikin takardar sallama sam, domin likita ya san alamomin haɗari kuma yana rubuta wa wanda ya san su ne. Dole mai taƙaitawa ya nemo su ya raba su gida biyu, domin idan aka jera alamomi goma sha biyar a wuri ɗaya, iyali ko dai su firgita da kowane tari ko su yi sakaci da duka. Kashi na farko na tafiya asibiti nan take ne, ko da tsakar dare: numfashi na gagara alhali tana zaune, tari mai kumfa ko mai jini-jini, suma, ciwon ƙirji, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki ko maganar da ta sarƙe, da kumburin leɓe ko harshe, wanda enalapril kan haddasa jefi-jefi. Kashi na biyu na tuntuɓar asibiti a ranar ne: kumburi ko nauyi na ƙaruwa, jiri duk lokacin da ta miƙe, fitsari ya ragu ƙwarai, ko amai da gudawa. Na ƙarshen nan mutane kan raina shi, amma wadda ke shan maganin fitar da ruwa idan ta haɗa da gudawa jikinta na iya bushewa har ƙoda ta taɓu, kuma likita ne zai ce ko a dakatar da wani magani na kwana ɗaya ko biyu.

Gwajin da aka rubuta `E/U/Cr` gwajin jini ne na ƙoda da gishirin jini, kuma an sa shi bayan mako ɗaya ne saboda enalapril da spironolactone dukansu suna iya ɗaga sinadarin fotasiyam, wanda idan ya yi yawa yakan rikita bugun zuciya ba tare da wata alama ta gargaɗi ba. Iyali da yawa kan tsallake shi domin mara lafiya ta ji sauƙi kuma gwaji kuɗi ne, don haka a faɗa musu dalilin da jimla ɗaya. Ranakun kuma a rubuta su da sunan rana da kwanan wata da wurin da za a je, bayan an tabbatar da ranar da likitocin zuciya ke zama, domin ba kowace rana suke ganin marasa lafiya ba.

Layin ƙarshe, na shawarar tazarar haihuwa, ba ya hawa takardar da za a manna a bango inda 'yan barka ke shiga da fita. Magana ce mai nauyi: sabon ciki kafin zuciya ta warke yana iya jefa ranta cikin haɗari, kuma enalapril yana cutar da ɗan tayi. Ana yin ta da mai jegon a keɓe, sannan da mijinta idan ta amince, a haɗa su da sashen da ke kula da wannan kafin su tafi.

Bayan duk wannan tacewa, ga abin da ya rage a rabin shafi, da manyan haruffa:

Magani: da karin kumallo, lamba 1 ƙwaya ɗaya, lamba 2 ƙwaya ɗaya, lamba 3 rabi, lamba 4 ƙwaya ɗaya. Bayan Azahar, lamba 1 ƙwaya ɗaya. Da tuwon dare, lamba 2 ƙwaya ɗaya, lamba 3 rabi. Ba a dainawa ko ta ji sauƙi.

Kada a ba ta tsohon maganin da ke gida, ko maganin ciwon jiki na kemis, ko jiƙo. Idan ciwo ya dame ta, paracetamol.

Babu kunun kanwa, babu yajin jego mai gishiri, miyarta daban ba dunƙule. Abin sha duka kada ya wuce ledar ruwa huɗu. Wanka da ruwa mai ɗumi, a zaune.

Kowace safiya a duba ƙafa da nauyi. Idan ta haura kilo 56, ko kumburi, jiri, amai ko gudawa, a kira wannan lamba a ranar.

Idan numfashi ya gagara, ko ta suma, ko ƙirji na ciwo, ko baki ya karkace, ko leɓe ya kumbura, a taho asibiti nan take.

Talata mai zuwa gwajin jini. Talata ta sama ganin likitan zuciya, a zo da takardar asibiti da duk magunguna.

Rubutawa ba ita ce ƙarshen aikin ba, sai an gwada ko ya shiga. Tambayar "kin gane?" ba ta da amfani, domin dattijuwa mai kunya za ta ce ta gane ko don kada ta ɓata wa ma'aikaciya lokaci. Nakan tura mata ledar in ce: "Inna, a ce gari ya waye, nuna mini abin da za ki ba ta, domin in tabbatar ban rikita bayanin ba." Idan hannunta ya ɗauko cikakkiyar ƙwaya daga lamba 3, na san inda zan koma. Sannan in ce ta faɗa mini abin da zai sa ta tashi mutane da dare a nemo mota. Ga wadda ba ta karanta boko, ana zana rana mai fitowa da rana a tsaka da wata, a sa ɗigo ko rabin ɗigo a ƙarƙashin kowace lamba, ko a rubuta da ajami idan akwai mai iyawa, ko a karanta takardar a naɗi murya a wayar da ke kwana a gidan.

Akwai hanyar da mijin zai gane ko ana bin tsarin ba tare da ya tuhumi kowa ba, wato ƙirga ƙwayoyi. Na mako biyu, lamba 1 ƙwaya 28 ce, lamba 2 ma 28, lamba 3 ƙwaya 14 tunda rabi-rabi ake sha, lamba 4 kuma 14. Bayan kwana bakwai cif ana shan magani ya kamata rabin kowanne ya rage. Idan lamba 3 ta ƙare a mako ɗaya, cikakkiya ake bayarwa. Idan lamba 1 ta rage 21, ana tsallake na Azahar.

Takardar gida ba ta maye gurbin ta asibiti, don haka asalin a sa shi a leda a adana, a ɗauki hotonsa a waya, domin shi likita na gaba zai nema. A saman takardar gida kuma a rubuta ranar da aka yi ta, saboda rayuwarta gajera ce: a ganin likita na farko mai yiwuwa a rage furosemide ko a mayar da carvedilol cikakkiyar ƙwaya, kuma daga wannan lokaci tsohuwar takardar ta zama mai ɓatarwa. A ranar sai a sake zazzage ledar, a sake duba nauyin da ke bayan kowane kati, a rubuta sabuwa, a cire tsohuwar daga bango a yaga ta.